Otto ko Dizal: me ya sa allo ke faɗin abu ɗaya, gareji na faɗin wani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin injiniyancin kanikanci ne a nan Kano, ranakun hutu kuma ina taya kawuna aiki a garejinsa da ke Ƙofar Ruwa. A aji an lissafa mana a allo cewa zagayen Otto, wato na injin fetur, ya fi zagayen Dizal inganci. Da na faɗa wa kawu sai ya yi dariya, ya ce in je in tambayi kowane direban tirela wanne ya fi tattalin mai. To wa ke da gaskiya? Kuma mene ne rabon matsi yake yi da har ake ta maganarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Malaminka bai yi kuskure ba, kawunka ma haka. Abin da ya faɗi a hanya tsakanin aji da gareji sharaɗi ne guda ɗaya: in rabon matsinsu ɗaya ne. Da wannan sharaɗin, zagayen Otto ne a gaba. Sai dai ba za ka taɓa samun tirela da motar fetur ta gida suna aiki da matsi ɗaya ba, kuma dalilin da ya hana hakan shi ne duk labarin.

Mu fara da shi rabon matsin, tunda a gareji kana taɓa shi da hannunka ko ba ka kira shi da suna ba. In fistin ya sauka ƙasa ƙarshe, akwai fili a samansa cike da iska. In ya hau sama ƙarshe, sauran ɗan fili kaɗan tsakaninsa da tof silinda. Ka raba babban filin da ƙaramin, abin da ya fito shi ne rabon matsi. Ɗauki inji mai lita 2 da silinda huɗu. Kowane fistin yana share sisi 500 a tafiyarsa, wato rabin lita, tunda sisi 1000 ne lita ɗaya. In ɗan filin da ya rage a sama sisi 62.5 ne, to babban filin 562.5 ke nan, in ka raba sai ka samu 9. An cusa iskar cikin kashi ɗaya bisa tara na wurin da take a da. Motocin fetur na yau da kullum suna tsakanin 8 da 12. Injinan gas kuwa, kamar yadda muke kiran man dizal a Kano, suna kamawa daga wajen 15 zuwa 22.

Zagayen da aka zana muku a allo ba inji ba ne na gaske. An ɗauka iska ce zalla a cikin silinda, ba gogayya, ba yoyo, zafi ba ya tserewa ta bangon silinda. An yi haka ne don a ware abu ɗaya a kalle shi da kyau. A zagayen biyun ana matse iska iri ɗaya, ana barinta ta buɗe ta tura fistin iri ɗaya, ana zubar da ragowar zafi iri ɗaya. Wuri ɗaya tak suka rabu, wato yadda zafin yake shiga. A zagayen Otto, wanda aka raɗa wa sunan Nikolaus Otto da ya fito da injinsa mai bugu huɗu a 1876, ana ɗauka duk zafin ya shiga farat ɗaya lokacin da fistin yake can sama bai motsa ba. Fulogi ya ƙyasta, komai ya ƙone, matsi ya yi tsalle. A zagayen Rudolf Diesel, wanda injinsa ya fara aiki sosai a 1897, nozul ne yake fesa mai a hankali, fistin kuma ya riga ya fara sauka, ana ta ƙara zafi daidai yadda matsi zai tsaya wuri ɗaya har a datse man.

To me ya sa wannan bambancin zai taɓa inganci? Da inganci ina nufin kason zafin mai da ya zama aiki a kan karanshaf, sauran kuma, a wannan zagayen na allo, ya fita ta salansa. Hanya ɗaya ce zafi yake zama aiki a cikin silinda: iska mai zafi ta buɗe, ta tura fistin, ita kuma ta huce. Gwargwadon nisan da ta buɗe, gwargwadon hucewarta, kuma duk abin da ta huce ya koma aiki. Abin da ba ta gama hucewa ba har bawul ya buɗe, ya tafi ke nan. Shi ya sa nake gaya wa masu koyo cewa sunan rabon matsi yana ɗan ɓatar da mutum. Matsewar da kanta ba riba ba ce, aiki ma take ci. Ana matsewa ne don a samu doguwar hanyar buɗewa. Injin da ya matse sau 10 zai buɗe sau 10. Wanda ya matse sau 18 zai buɗe sau 18, ya tatsi zafin sosai kafin ya sake shi.

Yanzu ka ga inda zagayen Dizal yake asara. Zafin da ya shiga da farko, fistin na sama, yana da cikakkiyar hanya a gabansa. Amma ɗigon mai na ƙarshe da ya ƙone bayan fistin ya yi nisa, guntuwar hanya ce ta rage masa. Kamar mutanen da za su tura motar da ta mutu daga bakin gareji zuwa titi: a Otto kowa ya dafa tun daga farko, a Dizal wasu sai a rabin hanya suke sa hannu. Ƙarfin da aka tara ɗaya ne, amma na makararrun bai yi cikakken amfani ba.

Ga lissafin Otto kamar yadda yake a littafinku:

```
η = 1 − 1 / r^(γ − 1)
```

Harafin η shi ne inganci, r shi ne rabon matsi, γ kuma wata sifa ce ta iska, ana ɗaukarta 1.4 ga iska zalla. Ka lura da abin da babu a ciki. Babu yawan mai, babu girman inji, babu gudun juyawa. Na Dizal shi ne wannan ɗin dai, an ƙara masa jela:

```
η = 1 − [1 / r^(γ − 1)] × [(ρ^γ − 1) / (γ(ρ − 1))]
```

Shi ρ yana faɗin ninki nawa filin saman fistin ya ƙaru kafin a datse mai. In 2 ne, filin ya ninka sau biyu ana ta fesawa. Jelar nan kullum ta fi 1, ita ce tarar makara. In ρ ya matso kusa da 1 sai jelar ta zama 1, zagayen Dizal ya koma Otto. Ga ρ na 2 jelar 1.17 ce.

Sa r ya zama 10 a duka biyun. Otto zai ba ka kashi 60 cikin ɗari, Dizal mai ρ na 2 zai ba ka 53. Wannan shi ne abin da malaminka ya rubuta. Yanzu bar Otto a 10 ɗinsa, ka kai Dizal 18, inda yake zaune a zahiri. Sai ya ba ka 63. Wannan shi ne abin da kawunka yake gani a tankin tirela, ko da yake, kamar yadda za mu zo, tazarar da yake gani ta fi wannan girma.

Bari mu bi kilo ɗaya na iska daga farko zuwa ƙarshe, don lambobin su zauna maka. Iska ta shiga a ma'aunin Salsiyos 27, wato Kelbin 300. Dole ka yi lissafin da Kelbin, nan ne ɗalibai da yawa suke zamewa a jarrabawa. Za mu ba kowane zagaye zafi iri ɗaya, kilojul 958.

A Otto mai rabon matsi 10, matsewa kaɗai ta kai iskar Kelbin 754, matsinta ya ninka na iskar waje sau 25. Zafin ya faɗo lokaci ɗaya, ta haura Kelbin 2088, matsi ya kai kusan ninki 70. Ta buɗe sau 10, ta sauko 831. A wannan zafin aka sake ta, ta tafi da kilojul 381. Aikin da aka samu 577.

A Dizal mai rabon matsi 18, matsewa ta kai iskar Kelbin 953, wato Salsiyos 680, matsi ninki 57. Ana fesa mai har filin ya ninka biyu, zafi ya kai 1907, matsi yana nan a 57 bai ƙaru ba. Hanyar da ta rage bayan an datse mai sau 9 ce kawai, tunda 18 a raba da 2. Duk da haka iskar ta sauko 792, ta fita da kilojul 353. Aiki 605.

Dubi abin da ya faru da kyau. Dizal ya fi aiki, amma bai kai Otto ƙololuwar zafi ba, bai kuma kai shi ƙololuwar matsi ba. Wannan ita ce kwatantawa ta biyu da littattafai kan ambata a layi ɗaya su wuce: in iyakar da aka gindaya ita ce matsin da ƙarfen inji zai iya ɗauka, zagayen Dizal ne a gaba. A ganina ita ce ma ta fi kusa da yadda mai ƙera inji yake tunani, don shi ƙarfe bai san rabon matsi ba, abin da ya danne shi ya sani. In kuwa ka ce a kai Otto shi ma 18, takarda za ta ba ka kashi 68 da rabi, ya sake wuce Dizal, amma matsi zai kai ninki 137. Kuma kafin a zo maganar ƙarfe, shi fetur ɗin ba zai yarda ba.

Nan ne ainihin katangar. Injin fetur yana matse iska da mai a gauraye. Injin gas iska kaɗai yake matsewa, kuma iska ba ta kamawa da wuta komai zafinta, sai an kawo mata mai. Don haka mai ƙera injin gas yana da 'yancin matsewa yadda ya ga dama, yana ma bukatar hakan, tunda ba shi da fulogi, zafin matsin ne yake kunna man. Mai ƙera injin fetur kuwa yana matse abin da yake jiran dalili ya fashe.

Yadda abin yake lalacewa shi ne, fulogi ya ƙyasta, wuta ta fara yaɗuwa daga tsakiya zuwa gefe. Gaurayen da ke can lungu, wanda wutar ba ta iso ba tukuna, yana shan matsi biyu, na fistin da na wutar da ke tahowa. In zafinsa ya yi yawa kuma ya daɗe a haka, sai ya fashe da kansa gaba ɗaya kafin wutar ta zo. Girgizar tana dukan bangon silinda, sai ka ji ƙara siririya, ƙyaras-ƙyaras, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. An fi jinta in mota ta ɗau kaya, tana babbar giya, gudu ya ragu, direba ya taka totur, misali a hawan gadar Ƙofar Nassarawa da tsakar rana. Kar ka haɗa ta da abin da ake nufi a gareji in an ce inji ya buga. Wancan ƙarar ƙarfe ce mai nauyi daga ƙasan inji, metal ya cinye, yawanci saboda rashin baƙin mai. Wannan ƙarar ƙonewa ce daga sama, kuma in direba ya ɗaga ƙafa ko ya sauko giya sai ta ɗauke. Amma in aka bar ta ta daɗe tana cin gefen fistin, tana karya ringi, tana ƙona gaskit.

Ƙarfin fetur na jure wannan shi ake aunawa da lambar okten. An ɗauki wani sinadari mai juriya aka ba shi 100, wani mai saurin fashewa aka ba shi sifili, ake gwada kowane fetur da gaurayensu. Okten mai yawa ba ya nufin man ya fi ƙarfi. Yana nufin ya fi haƙuri da matsi. Tun shekarun 1920 aka riƙa zuba sinadarin dalma a fetur don a samu damar ɗaga matsi, sai a 2021 aka daina sayar da irinsa ga motoci a duniya baki ɗaya, Aljeriya ce ta ƙarshe. Man gas kuwa akasin haka ake nema a wurinsa, a fesa ya kama nan take, ana auna wannan da lambar siten. Shi ya sa in an gauraya fetur da gas ko kananzir mota take fara wannan ƙarar, an zuba mata marar haƙuri.

Zafin garinmu yana da hannu a nan, ko da yake ba ya cikin lissafin inganci. Matsi 10 yana ninka zafin iskar da ta shiga sau biyu da rabi a ma'aunin Kelbin. Ma'ana, duk digiri ɗaya da ya ƙaru a bakin shiga, digiri biyu da rabi ne a ƙarshen matsi. Tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin watan Afrilu ana iya samun tazarar digiri 30, wadda za ta zama 75 a saman fistin. Motar da ba ta ƙara a watan Janairu tana iya farawa da bazara ba tare da an taɓa mata komai ba. Injin gas kuma abin ya juye masa. Da sanyin safiya ne yake wahalar tashi, don iskar ta shiga da sanyi, ƙarfen ma mai sanyi yana shanye zafin matsin. Dalilin sa hita fulogi, mai ɗumama cikin silinda kafin a tayar da inji, ke nan a yawancin ƙananan injinan gas.

Na taɓa cin karo da wannan da motata, shekarun baya. Ta yi zafi, tof silinda ya ɗan lanƙwashe, na kai wani gareji aka kai shi wurin masu shara suka share, wato suka kankare fuskarsa ta daidaita. Ba wanda ya gaya mini cewa mai motar na farko ya riga ya taɓa share shi, ni ma ban auna ba, wannan laifina ne. Mota ta dawo da ɗan kuzari, na ji daɗi. Da zafi ya shigo sai ƙyaras-ƙyaras a kowane hawa. Yi lissafin da injinmu na ɗazu. Faɗin silinda milimita 86 ne, fuskar fistin kusan murabba'in santimita 58. In aka share rabin milimita, an cire kusan sisi 3 daga ɗan filin sama, 62.5 ya koma wajen 59.6, rabon matsi ya tashi daga 9 zuwa 9.4. A takarda inganci ya ƙaru daga kashi 58.5 zuwa 59.2, abin da ko a gidan mai ba za ka lura da shi ba. In an share sau biyu kuwa an doshi 9.8, a injin da aka ƙera don 9. Sai da aka sa gaskit mai kauri aka ɗan ja lokacin wuta baya ta yi shiru. Motocin yanzu suna da na'urar da ke jin wannan ƙarar, kwamfuta ta ja lokacin wutar baya da kanta. Ba za ka ji ƙara ba, amma ƙarfin motar zai ragu kuma ta ƙara shan mai, don wutar da ta makara daidai take da makararrun masu turin nan, guntuwar hanya ta rage mata.

Wannan misalin ya nuna wani abu game da lissafin kansa, ribar tana raguwa yayin da ake hawa. Daga matsi 4 zuwa 8 inganci yana tashi daga kashi 43 zuwa 56, tsalle babba. Daga 8 zuwa 12 ya je 63. Daga 18 zuwa 20 ɗaya da ɗoriya kawai ake samu. A can sama kuma gogayya tana ƙaruwa, zafin da ke tserewa ta bango yana ƙaruwa, inji yana ƙara nauyi, har abin da ake kashewa ya cinye abin da ake samu. Shi ya sa sababbin injinan gas masu tabo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji, ba sa bin 22 irin na da, da yawa sun sauko wajen 16. Masu fetur kuma suna hawa, da taimakon fesa mai kai tsaye cikin silinda, wanda ke sanyaya iskar. Kamfanin Mazda ya taɓa fitar da injin fetur da na gas duka biyun a matsi 14.

Akwai wata dabara da ke tabbatar da cewa buɗewa ake nema. Motoci masu haɗa fetur da batir irin Toyota Prius suna jinkirta rufe bawul ɗin shiga, wani ɓangare na gaurayen ya koma baya, don haka matsewar gaske ta ragu amma buɗewar tana nan da tsawonta. Ana kiran wannan zagayen Atkinson. Ƙarfi yana raguwa, batir ya cike gibin, tattalin mai ya ƙaru.

Sauran mu koma ga dariyar kawunka, don tazarar 60 da 63 ba ta isa ta bayyana abin da direbobi suke gani ba. Injin fetur na mota a zahiri yana ba da kashi 25 zuwa 35, mafiya kyau su taɓa 40. Injin babbar mota mai gas yana wajen 40 zuwa 45, manyan injinan jiragen ruwa suna kaiwa 50. Duka sun yi ƙasa da allo sosai, amma na fetur ya fi faɗuwa, kuma dalilan ba sa cikin zagayen da aka zana.

Babba a cikinsu shi ne totur. Injin fetur yana bukatar gauraye daidai, kusan kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na mai. In ana son ƙarfi kaɗan dole a rage man, a rage iskar tare, kuma hanyar rage iska ita ce a shaƙe maƙogwaron inji. Fistin yana jan iska ta ƙaramar kafa, kamar mai shan kunu da siririn tsinke, wannan jan kuma aiki ne da ake biya da mai. A cunkoson titin Murtala Muhammad ko wajen Kantin Kwari, inda mota take yini totur a kusan rufe, asarar nan ba ƙarama ba ce. Injin gas ba a shaƙe shi. Kullum yana cika ciki da iska, mai kawai ake ragewa. Rage man kuma yana nufin an datse fesawa da wuri, ρ ya ragu. A matsi 18, in ρ ya sauko 1.5 takarda tana ba da kusan kashi 66, in ya hau 3 sai ta sauko 59. Wato a rabin kaya zagayen Dizal gyaruwa yake yi, a daidai inda injin fetur yake taɓarɓarewa.

Sai γ. Lamba 1.4 ta iska ce zalla mai sanyi. In an gauraya ta da tururin fetur, ga hayaƙi ga zafi, tana saukowa wajen 1.3. Sa 1.3 a lissafin Otto mai matsi 10, kashi 60 ya koma 50 nan take. Injin gas yana aiki da rarar iska mai yawa, abin da ke cikinsa ya fi kusa da iska zalla, don haka bai yi asara kamar haka ba. Abu na ƙarshe ba na inji ba ne, na mudu ne. A lita ake sayar da mai, kuma litar gas ta fi litar fetur nauyi, zafin da ke cikinta ya fi da kusan kashi 10 cikin ɗari. Ko da ingancinsu ɗaya ne, mai gas zai fi nisa da lita ɗaya.

Amma kar ka ɗauki maganar ρ ka je ka shawarci mai masana'anta a Sharaɗa ya sayi ƙaton janareto ya ɗora masa ɗan kaya. Gogayyar inji, famfon ruwa da fanka suna cin rabonsu ko da kaya ko babu, in aikin da ake fitarwa kaɗan ne sai su cinye mafi yawansa. Ga shi silinda ba ta yin zafin da ya kamata, mai ba ya ƙonewa duka, sai ka ga baƙin ruwa mai danƙo yana ɗiga daga salansa. Masu ƙera janareto sukan hana a daɗe ana aiki ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa. A ɗaya ƙarshen kuma, in an labta kaya fiye da kima, fesawa ta yi tsawo, iska ta kasa isar man, sai baƙin hayaƙin nan da tifa take yi a hawa. Wannan hayaƙin shi ne iyakar injin gas, kamar yadda ƙyaras-ƙyaras take iyakar na fetur.

Masu mayar da Adaidaita Sahu da motoci zuwa iskar gas ta CNG su ma wannan lissafin ya shafe su. Iskar tana jure matsi fiye da fetur nesa ba kusa ba, injin da aka ƙera dominta yana iya hawa 12 ko fiye. Amma wanda aka juya a gareji rabon matsinsa na fetur yana nan yadda yake, ba a ci ribar haƙurin iskar ba, ita kuma tana cin wuri a cikin silinda, shi ya sa direbobi suke cewa ƙarfi ya ɗan ragu.

In ka koma gareji, nemi gejin kamfireshan ka gwada da hannunka. A injin fetur, bari ya ɗumama, ka cire fulogai duka, ka kashe wuta da mai, a taka totur har ƙasa, a buga sitata. Takarda ta ce matsi 10 zai ba da ninki 25, geji kuwa zai nuna maka wajen 11 zuwa 14, wato 160 zuwa 200 a ma'aunin psi. Gejin bai lalace ba. Sitata a hankali yake juya inji, zafi yana samun lokacin tserewa, ringi yana ɗan yoyo, bawul ɗin shiga kuma ba ya rufewa sai fistin ya riga ya fara hawa. Abin da za ka fi dubawa shi ne silindodin su yi kusa da juna, tazarar kar ta wuce kashi 10 cikin ɗari. In ɗaya ta yi ƙasa, ɗiga mata ɗan baƙin mai ta ramin fulogi ka sake gwadawa. In ta tashi, ringi ne. In ba ta motsa ba, duba bawul ko gaskit. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Injin gas gejinsa daban ne, don matsinsa ya ninka wannan sau biyu ko fiye, kuma kar ka kuskura ka ɗiga masa baƙin mai, filin samansa ƙarami ne ƙwarai, man yana iya kamawa da wuta ko ya tokare fistin. Shi alamarsa ma tana fitowa kafin geji: injin fetur mai raunin matsi zai tashi ya yi ta jan ƙafa, na gas kuwa da safe sai an yi ta bugawa, yana fitar da farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai, don iskar ba ta kai zafin da zai kunna shi ba.